Idan ka fasa ciniki kamfani ya hana ka kuɗinka: Yadda ake kai ƙorafi hukumar FCCPC

A ƙasan rasit ɗin da ake bayarwa a ɗakunan taro da otal-otal da tashoshin mota da shagunan kayan ɗaki, sau da yawa akwai wani ɗan layi da aka buga da ƙananan baƙaƙe, mai cewa ba a mayar da kuɗi bayan an biya. Jama'a da dama sun ɗauki wannan layi tamkar hukuncin alƙali. Idan wani uzuri ya sa mutum ya fasa abin da ya biya wa kafin alƙalami, sai manaja ya ɗora yatsa a kan layin, shi kuma mai kuɗi ya yi shiru ya bar wa Allah.

Dokar ƙasa ba ta ba wannan layi irin ƙarfin da ake zato ba. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ta yi magana a kan lamarin kai tsaye. Sashe na 120 ya ba mai saye 'yancin soke duk wani wuri da ya kama tun kafin lokaci, ko kaya ko aikin da ya yi oda, da sharaɗin cewa mai sayarwa zai iya cire wani abu da bai wuce kima ba a matsayin kuɗin sokewa. Sashe na 129 kuma ya hana kamfani sanya sharaɗin da zai raba mai saye da wani haƙƙi da dokar ta ba shi. Ke nan ba a jayayya a kan ko mutum yana da ikon fasawa. Abin da ake jayayya a kai shi ne nawa ya halatta a cire, kuma a kan wannan tambaya ce ya kamata mai ƙorafi ya gina maganarsa tun daga farko.

An riga an gwada wannan a gaban shari'a. A 2021 wani lauya ya sayi tikitin naira 500 a tashar kamfanin sufuri na Peace Mass Transit da ke Obollo-Afor, zai tafi Inugu. Mota ta daɗe ba ta cika ba, ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, aka ce tsarin kamfani bai yarda ba. A 2022 Babbar Kotun Jihar Inugu ta yanke cewa tsarin hana mayar da kuɗi ya saɓa wa dokar, ta kuma umarci kamfanin ya biya shi diyyar naira 500,000. Ba kowa ne lauya ba, ba kuma kowa ne ke da halin zaryar kotu ba. Domin haka ne dokar ta kafa Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wato FCCPC, wadda ta gaji tsohuwar hukumar CPC da aka kafa a ƙarƙashin dokar soja ta 1992. Kai ƙorafi gare ta kyauta ne, kuma ba a buƙatar lauya.

Ma'aunin abin da za a cire

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani ma'aikacin gwamnati a Kaduna zai aurar da 'yarsa, ya kama ɗakin taro domin walimar da za a yi ranar 20 ga Disamba. Kuɗin ɗakin naira 800,000 ne. A watan Satumba ya tura naira 500,000, aka ba shi rasit, aka yi alkawarin zai cika sauran idan biki ya matso. Daga baya dangin ango suka nemi a ɗaga bikin zuwa bayan Sallah, a kuma yi shi a Zariya. Ranar 25 ga Oktoba uban amarya ya sanar da masu ɗakin cewa ya fasa. Manaja ya ce ko sisi ba za ta dawo ba, ya nuna masa layin nan na ƙasan rasit.

Dokar ba ta yanke wani kaso ba. Ba ta ce a cire kashi goma ko kashi ashirin cikin ɗari ba, kuma duk wanda ya ce maka akwai irin wannan adadi a cikinta bai karanta ta ba. Abin da ta yi shi ne ta jero abubuwa huɗu da za a duba kafin a ce kuɗin sokewa ya yi daidai ko ya wuce gona da iri: irin kayan ko aikin da aka kama, tsawon wa'adin da mai saye ya bayar, yiwuwar mai sayarwa ya samu wani abokin ciniki idan ya yi ƙoƙari, da kuma abin da aka saba yi a wannan sana'a.

Idan aka ɗora misalinmu a kan wannan ma'auni, uban amarya yana kan tudu. Daga 25 ga Oktoba zuwa 20 ga Disamba kwana 56 ne, mako takwas cif. Disamba kuwa lokacin bukukuwa ne, lokacin da ake rububin ɗakunan taro, saboda haka da wuya a ce an rasa wanda zai karɓi ranar. Ɗaki ba abinci ba ne da zai lalace, kuma a wannan lokaci ba a sayi man janareto saboda shi ba, ba a biya masu kwalliyar wuri ba. Asarar da masu ɗakin za su iya nunawa ba ta wuce ɗawainiyar rubuce-rubuce da sake tallata ranar ba. Riƙe naira 500,000 gaba ɗaya a irin wannan hali yana nufin su ci kuɗin rana guda sau biyu.

Da a ce ana saura kwana uku ya fasa, da labarin ya sauya. A lokacin an riga an yi hidima, an mayar da wasu masu neman ranar, kuma samun madadinsa ya yi wuya. A nan mai ɗaki zai iya riƙe kaso mai tsoka, hukuma kuma ba za ta ga laifinsa ba. Haka abin yake ga kayan da aka yi wa mutum musamman. Wanda ya sa kafinta ya yi wa 'yarsa gado da kujeru a kan awon ɗakinta da launin da ta zaɓa, ya fasa bayan an yanka katako an ɗinka yadi, kada ya sa ran karɓar kuɗinsa cikakku. Dokar ta kare mai saye, amma ba ta ce mai sana'a ya ɗauki asarar da ba shi ya jawo ba.

Wuri guda ne dokar ta rufe ƙofar cire ko kwabo. Idan abin da ya hana cika alkawari shi ne rasuwar wanda aka kama wurin dominsa, ko kwantar da shi a asibiti, ba a yarda a karɓi kuɗin sokewa ba sam. Da a ce amaryar ce aka kwantar, takardar asibiti kaɗai ta isa hujjar neman naira 500,000 ɗin baki ɗaya. Wannan tanadi kaɗan ne suka san da shi, har a cikin masu otal da ɗakunan taron kansu.

'Yan kasuwa su lura da wata iyaka da ta shafe su. A ma'anar da dokar ta bayar, mai saye shi ne wanda ya sayi kaya ba domin ya sake sayarwa ba, ba kuma domin ya sarrafa su ya fitar da wani kayan sayarwa ba, ko kuma wanda aka yi wa wani aiki. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya yi odar dilolin atamfa domin shagonsa ya fasa, rikicinsa na ciniki ne tsakanin 'yan kasuwa, maganinsa yana wajen shugabannin kasuwa ko kotu. Amma shi wannan ɗan kasuwa idan ya kama ɗakin otal a Legas ko ya yi odar firij na gidansa, mai saye ne kamar kowa.

Kafin a je hukuma

Yawancin ƙorafe-ƙorafen irin wannan tun ranar da aka fasa ake cin su ko a faɗi. Dalili kuwa shi ne dukkan lissafin ya rataya ne a kan ranar da aka sanar da kamfani. Idan uban amarya da baki ya faɗa wa manaja, ko a waya, ranar da aka zauna a gaban jami'in hukuma manajan zai iya cewa sai a tsakiyar Disamba ya ji labari, kuma babu mai ƙaryata shi. Mako takwas sun koma kwana biyar ke nan. Saboda haka fasawa a rubuce ake yin ta. Saƙon WhatsApp ko na imel ya wadatar, muddin ya ambaci ranar da aka kama, da lambar rasit, da cewa an fasa, da neman a mayar da kuɗi. A ɗauki hoton saƙon yadda kwanan wata da lambar da aka tura wa za su fito. Idan takarda aka kai da hannu, a tafi da kwafi biyu, a sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan guda, a dawo da ita gida.

Sashe na 146 ya ba mai saye zaɓi: ya koma wa kamfanin, ko ya je wa hukumar da ke kula da wannan fanni, ko ya kai ƙorafi FCCPC, ko ya wuce kotu kai tsaye. Duk da haka, hikima ita ce a fara da kamfanin, domin tambayar farko da jami'i zai yi ita ce me suka ce da ka neme su. Sai uban amarya ya rubuta takarda ta biyu, wannan karon zuwa ga shugaban kamfanin, ya ambaci sashe na 120, ya ce ya amince a cire naira 50,000 saboda ɗawainiya, a mayar masa da naira 450,000 cikin kwana goma sha huɗu, in ba haka ba zai kai maganar gaba. Adadin da wa'adin duk nasa ne, ba doka ce ta yanka su ba. Amfaninsu shi ne su nuna cewa shi ya nemi maslaha, su ne suka ƙi. Ba abin mamaki ba ne a kira shi a sasanta tun a wannan mataki, domin manajan da ke tutiya da layin rasit yakan sassauta murya idan ya ga lambar sashen doka a rubuce.

A nan akwai tarko guda biyu. Na farko shi ne tayin sauya rana, ko a ce kuɗinka na nan ajiye sai ka sake buƙatar ɗakin. Idan tayin ya yi maka, babu laifi. Idan bai yi maka ba, kada ka amsa da "to, ba damuwa" don kunya, domin wannan amsa za a nuna a ce an riga an daidaita. Na biyu shi ne karɓar wani ɓangare na kuɗin tare da sa hannu a takardar da ke cewa magana ta ƙare. Wanda zai karɓi ɓangare ya rubuta cewa ya karɓa ne a matsayin somin-taɓi, yana bin sauran.

Mutanenmu suna da saurin garzayawa caji ofis idan kuɗi ya maƙale. Wannan ba aikin 'yan sanda ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma wanda ya sa aka tsare manaja a kan irin wannan zai iya wayar gari shi ake ƙara. Haka nan zagin kamfani da kiran su ɓarayi a Facebook yakan buɗe wata sabuwar shari'a ta ɓata suna, ya bar ta farko a kwance.

Shigar da ƙorafin

Idan wa'adi ya cika babu amsa, ko aka amsa da ƙi, sai a nufi hukumar. Ana iya shigar da ƙorafi ta shafinta na intanet, fccpc.gov.ng, inda akwai sashen karɓar ƙorafi, ko ta imel a contact@fccpc.gov.ng, ko a kai takarda hedikwatarta da ke unguwar Asokoro a Abuja ko ɗaya daga ofisoshinta na shiyya. Wasu jihohi, irin su Kano, suna da tasu hukumar kare haƙƙin masu saye, kuma ga rikici da ɗan ƙaramin kamfani na cikin gari, jami'in da zai iya taka ƙafa ya je wurin yakan fi saurin kawo ƙarshen magana.

Abubuwa uku ne ƙashin bayan takardar: wanda ake ƙorafi a kansa tare da adireshinsa na gaskiya, adadin kuɗin, da abin da mai ƙorafi yake so a yi masa. Na farkon ya fi ba mutane wahala fiye da yadda ake tsammani. Sunan da ke kan allon ƙofar ɗakin taro sau da yawa ba shi ne sunan da aka yi wa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni ba. A duba kan rasit, a duba sunan asusun da kuɗin ya shiga, a rubuta duka biyun. Idan kuwa asusun manaja na ƙashin kansa aka tura wa kuɗin, kamar yadda ake yawan yi, to a haɗa da saƙon da aka turo lambar asusun a ciki, domin shi ne zai ɗaure kamfanin da kuɗin. In babu shi, mai kamfani zai iya cewa bai san zancen ba.

Bayanin abin da ya faru kada ya wuce shafi guda, kuma a jera shi bisa kwanan wata. Na uban amarya zai ce: a rana kaza ta Satumba na biya naira 500,000 daga cikin 800,000 domin ranar 20 ga Disamba, ga rasit da shaidar banki. Ranar 25 ga Oktoba na sanar da su a rubuce cewa na fasa, saura kwana 56, ga hoton saƙon. A rana kaza na nemi a mayar mini da naira 450,000, suka ƙi, ga amsarsu. Ina roƙon hukuma ta sa a biya ni wannan adadi bisa sashe na 120. Iyakarta ke nan. Labarin yadda manaja ya ɗaga masa murya a gaban mutane, ko yadda dangin ango suka ɓata masa shiri, ba ya ƙara wa takardar nauyi. Wanda ya rubuta cewa yana neman a bi masa haƙƙinsa kawai, bai faɗi adadi ba, ya bar wa jami'i aikin da shi ya kamata ya yi. Wanda kuma ya nemi miliyan biyar saboda ɓacin rai ya nemi abin da kotu ce wurin nemansa.

Wanda sunansa ke kan rasit shi ya kamata ya yi ƙorafin. Idan ƙanin amarya ne ya tura kuɗin daga asusunsa, a bayyana haka a layi guda. Kwafi ake haɗawa, rasit na asali ya zauna a gida. Tunda Turanci ne harshen aikin ofis, wanda bai saba rubutu da shi ba ya samu wanda zai taya shi, amma ya tabbatar an karanta masa abin da aka rubuta kafin ya sa hannu. Bayan shigarwa a adana lambar ƙorafin ko shaidar karɓa, domin da ita ake bibiya.

Akwai wata hujja da ke zuwa daga baya, wadda ta fi kowace ƙarfi. Idan ranar 20 ga Disamba ta zo aka ga ana wani biki a ɗakin, ko masu ɗakin suka sa hotunansa a shafinsu, to batun asara ya mutu. A ɗauki hoton a aika wa jami'in da ke riƙe da fayil.

Abin da hukumar za ta iya, da inda ƙarfinta ya tsaya

Ƙorafi idan ya shiga, ɗaya daga abubuwa uku ke faruwa. Hukumar tana iya ƙin ci gaba da shi idan ta ga babu tushe, ta kuma sanar da mai shi. Tana iya miƙa shi ga hukumar da ke kula da fannin. Ko kuma ta sa jami'inta ya bincika. A aikace, matakin farko shi ne a aika wa kamfani ƙorafin a nemi ya amsa, in ta kama a kira ɓangarorin biyu a zauna. A wajen wannan zama ne ake tambayar mai ɗaki ya nuna asarar da ya yi a rubuce, kuma a nan ne riƙe kuɗi gaba ɗaya yake kasa tsayuwa. Mai yiwuwa a tashi a kan naira 400,000 maimakon 450,000. Ko ya karɓa ko ya ƙi, shawara ta rage ga uban amarya, sai dai ya auna bambancin da watannin da zai ƙara yana jira. Duk abin da aka amince a kai a rubuta shi, da ranar biya.

Kamfanin da ya yi kunnen uwar shegu ba a rasa yadda za a yi da shi ba. Hukumar tana da ikon aika sammaci, kuma ƙin amsa shi laifi ne. Tana iya ba da takardar umarnin bin doka a ƙarƙashin sashe na 150, wadda idan aka yi watsi da ita za a iya rufe wurin sana'ar, ko a ci tara, ko a gurfanar da kamfanin a kotu. Sashe na 155 ya tanadi cewa kamfanin da kotu ta samu da laifin take haƙƙin mai saye zai biya tarar da ba ta gaza naira miliyan 100 ba, ko kashi goma cikin ɗari na cinikinsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kowane ƙorafi yana kai wa nan. Tara aljihun gwamnati take shiga, ba na mai ƙorafi ba, kuma hukuma guda da ke karɓar koke daga duk faɗin ƙasa ba za ta bi kowane fayil da gudu ɗaya ba. Ana iya shafe makonni. Wanda yake leƙawa duk bayan mako biyu da lambarsa a hannu ya fi wanda ya aika ya koma ya naɗe hannu samun biyan buƙata.

Sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa yana rage jira. Idan tikitin jirgin sama ne aka soke, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, tana da sashen kare fasinjoji. Idan kamfanin waya ne ya ci gaba da cire kuɗin wani tsari bayan an soke shi, ana kiran Hukumar Sadarwa, NCC, a lamba 622 kyauta, bayan an fara kai kuka ga kamfanin an karɓi lambar ƙorafi. Idan banki ne ya ci gaba da zare kuɗi bayan an janye umarnin cirewa, ana fara rubuta wa bankin, in bai warware ba a wuce sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.

Idan hukumar ta yanke abin da bai gamsar ba, dokar ta kafa kotu ta musamman mai sauraron ƙara a kan hukunce-hukuncenta, daga can kuma sai Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ga kuɗi irin na uban amarya, hanyar da ta fi kusa ita ce kotun ƙananan basussuka da jihohi irin su Legas da Kano suka buɗe a kotunan majistare, inda mutum zai iya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba. Takardun da ya tara domin hukumar, wato rasit da shaidar banki da saƙon 25 ga Oktoba da amsar kamfani, su ne dai zai ajiye a gaban majistare. Abin da zai kiyaye shi ne kada ya haɗa biyun a lokaci guda, domin maganar da ke gaban alƙali hukuma takan janye hannunta daga gare ta har sai an yanke hukunci.